Tambayar da na yi wa ƙawata a gaban aji ta shiga tsakaninmu

Assalamu alaikum, Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a. A kwas ɗin dabarun bincike malaminmu ya tsara cewa kowa zai gabatar da ɗan bincikensa na minti 10 a gaban aji, sannan sauran ɗalibai su yi masa tambayoyi, kuma akwai maki 5 ga mai tambaya. Ƙawata, wadda muke ɗaki ɗaya tun muna aji ɗaya, ta gabatar da nata a kan riƙe waya da dare. Ta ce ta raba wa ɗalibai 40 takardar tambayoyi, ta gano cewa kashi 75 cikin 100 na masu wuce ƙarfe 12 na dare a kan waya sun faɗi aƙalla kwas ɗaya, don haka waya ce take kayar da ɗalibai. Na ɗaga hannu na ce: "Ina kika samo wannan kashi 75 ɗin? Ni dai bai shiga kaina ba." Aji ya fashe da dariya, ta kasa amsawa, malam kuma ya ce tambayar ta yi kyau. Yau kwana 10 ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, har ta gaya wa wata cewa na sayar da ita a kan maki 5. Saura mutum 20 su gabatar, ni ma ina cikinsu. In riƙa yin shiru in rasa makin, ko akwai yadda ake yin tambaya ba tare da an tozarta mutum ba?

Wata ɗaliba, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba zan ba ki shawarar yin shiru ba, domin shakkar da ta zo miki a kan wannan lissafi shakka ce mai tushe, kuma ɗalibar da kunnenta ya iya tsayawa a kan lamba ya nemi asalinta ta riga ta fara koyon abin da aka buɗe kwas ɗin dominsa. Amma ina so ki raba maganar da kika yi gida biyu, ki dubi kowane ɓangare shi kaɗai. Ɓangaren farko tambaya ce, ko da yake ta yi faɗi da yawa. Ɓangare na biyu hukunci ne, kuma kin yanke shi tun kafin ki ji amsa. Ina kyautata zaton a kan na biyun aka yi dariyar, domin da zarar mai tambaya ya bayyana cewa bai yarda ba, masu sauraro sukan daina jiran bayani su koma jiran ganin wanda zai yi nasara. Ƙawarki kuma, ko da tana da amsa a cikin jakarta, a wannan lokacin ba a bar mata hanyar da za ta fito da ita cikin natsuwa ba.

Ki sa kanki a matsayinta na ɗan lokaci. Mutumin da ya gama magana ta minti 10 a gaban tsararsa yana nan zuciyarsa na bugawa, kuma fuskar da yake nema a cikin taron don ya samu sauƙi ita ce ta wanda ya fi kusa da shi. Daga wannan fuskar ce tambayar ta fito mata. Mai yiwuwa ma abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin cewa kuna kwana ɗaki ɗaya, kin ga tana haɗa aikin nan dare da rana, amma ba ki tayar da maganar ba sai a gaban jama'a. Ko da ba ki lura da matsalar ba sai a ranar, ita ba ta san haka ba sai kin gaya mata. Maganar cewa kin sayar da ita ba adalci ba ce, amma magana ce ta wanda aka kunyata, kuma bai kamata ki tsaya kina auna ta kalma bayan kalma ba.

Malaminku ma yana da nasa kason. Tsarin da ya yi mai kyau ne, sai dai idan aka sa maki a kan tambaya ba tare da an nuna wa ɗalibai irin tambayar da ake so ba, a hankali aji yakan fahimci cewa tambayar da ta fi ruɗa mai gabatarwa ita ce ta fi tsada. Yabon da ya yi miki a daidai lokacin da ƙawarki take tsaye ba ta da abin cewa ya ƙarfafa wannan fahimta, ko da bai yi nufin haka ba. Zan dawo kan abin da za ku iya roƙonsa, amma bari mu fara da abin da yake hannunki, wato tambayoyin kansu.

Akwai wani tsari da masu binciken harkar koyarwa na Project Zero a Jami'ar Harvard suka yaɗa, wanda suka siffanta da tsani mai matakala huɗu. Ana farawa da neman ƙarin haske a kan abin da ba a gane ba, sannan a faɗi abin da ya yi kyau a aikin, sannan a bayyana damuwa, daga ƙarshe a ba da shawara. Abin da ya fi muhimmanci a tsarin shi ne jerin da aka bi, domin sau da yawa abin da mai sauraro ya ɗauka kuskure ne yakan zama rashin fahimta daga gare shi, ko kuma bayanin da mai magana ya tsallake saboda ƙurewar lokaci. Ke kin tsallake matakala biyu kin sauka a ta uku. Don haka ƙa'idar farko da nake so ki riƙe ita ce, kada ki tambayi mutum hujjarsa sai kin tabbatar cewa kin gane abin da yake da'awa.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce ki maimaita da'awar da kalmominki ki nemi a gyara miki. Da kin ce mata: "Idan na fahimce ki daidai, kina cewa masu daɗewa a kan waya da dare sun fi sauran ɗalibai faɗuwa. Haka ne, ko akwai abin da na rasa?" da kin ba ta tambayar da za ta iya amsawa da "haka ne", ta samu numfashinta ya dawo. Wannan tambaya tana kama da ladabi kawai, amma tana yin aiki mai nauyi. Idan abin da kika maimaita ya saɓa da abin da take nufi, to an gano cewa bayaninta bai isa ga masu sauraro ba, kuma wannan sakamako ne mai amfani a gare ta. Idan kuwa ya dace, kun tsayar da magana ɗaya wadda za a iya aunawa. Ki lura kuma cewa "sun fi faɗuwa" da "waya ce take kayar da su" maganganu biyu ne mabambanta, kuma maimaitawarki ita ce za ta sa ta zaɓi wadda take tsaye a kanta.

Bayan wannan sai tambayar ma'anar kalmomi, wadda ɗalibai suka fi rainawa, alhali ita ce ta fi tono abubuwa. A aikin ƙawarki akwai kalmomi biyu da komai ya rataya a kansu. Ta farko ita ce "riƙe waya". Ɗalibin da yake kallon bidiyo har ƙarfe 2 na dare yana riƙe da waya, haka ma wanda yake karanta takardun lakca da aka turo a WhatsApp, haka ma wadda ta kunna fitilar wayarta tana karanta littafi saboda an ɗauke wuta. Idan takardar tambayoyin ta zuba su duka a kwando ɗaya, sakamakon ba zai nuna mana abin da ake zato ba. Tambayar a nan ita ce: "Da kika ce riƙe waya, kin haɗa da masu karatu a cikinta, ko kin ware su?" Kalma ta biyu ita ce "faɗuwa", kuma za a iya tambaya: "Faɗuwar a zangon da ya wuce ne kawai, ko tun daga aji ɗaya?" Idan tun daga aji ɗaya ne, to ana iya samun wanda ya faɗi kwas shekara biyu da suka wuce, alhali bana ya fara kwana a kan waya. Waɗannan tambayoyi biyu suna da amsa gajera wadda take rubuce a takardar da ita da kanta ta tsara, don haka ba za su bar ta tsaye babu abin cewa ba.

Yanzu mu zo ga lambar da ta tsaya miki a rai. Matsalar tambayarki ita ce "ina kika samo" tana iya nufin abubuwa da yawa: wa kika tambaya, yaya kika lissafa, ko kuma, a kunnen wanda yake cikin fargaba, anya ba ƙirƙira kika yi ba? Abin da kike nema a zahiri ya fi haka ƙanƙanta, kuma ga shi: "Kashi 75 ɗin nan mutum nawa ne cikin mutum nawa?" Duk lokacin da kika ji an ambaci kaso cikin ɗari, wannan ce tambayar farko, domin mutum 3 cikin 4 kashi 75 ne, mutum 30 cikin 40 ma kashi 75 ne, amma nauyinsu a matsayin hujja ba ɗaya ba ne.

Bari mu yi lissafin tare da lambobin da zan ɗauka don misali, tun da takardunta ba sa gabana. A ce cikin mutum 40 ɗin, 12 ne suka ce suna wuce ƙarfe 12 a kan waya, kuma 9 daga cikinsu sun faɗi kwas. Tara cikin sha biyu kashi 75 ne daidai, don haka ba ta yi ƙarya ba. Amma a rukuni mai mutum 12 kowane mutum ɗaya yana ɗauke da fiye da kashi 8, ta yadda da mutum biyu kacal sun ba da wata amsa dabam, da an samu 7 cikin 12, wato kusan kashi 58. Lambar da mutum biyu za su iya saukar da ita daga 75 zuwa 58 ba a gina babban hukunci a kanta. Wannan ba laifin ƙawarki ba ne, iyakar ƙaramin binciken aji ke nan, kuma abin da ake so daga gare ta shi ne ta faɗi "9 cikin 12" a fili domin masu sauraro su san girman abin da ake magana a kai.

Tambaya ta gaba ita ce wadda, a ganina, ta fi duk sauran daraja, kuma da wuya ki ji an yi ta a aji: "Sauran mutum 28 ɗin da ba sa daɗewa a kan waya, nawa ne suka faɗi a cikinsu?" Idan 7 ne, wato kashi 25, to akwai tazara mai faɗi tsakanin rukunan biyu, kuma ƙawarki ta gano abin da ya cancanci a bi sawunsa. Idan kuwa 20 ne, wato kusan kashi 71, to kusan babu bambanci, kuma abin da binciken ya nuna shi ne ɗaliban wannan wuri suna yawan faɗuwa, da waya ko babu waya. Kin ga kashi 75 shi kaɗai bai gaya mana komai ba sai an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Abin da ya sa nake son wannan tambaya shi ne tana iya fitowa ta ɓangaren mai gabatarwa. Mai yiwuwa ne ƙawarki tana da wannan lamba kuma tana goyon bayanta, ta manta ne kawai ba ta sa ta a allo ba, kuma da an tambaye ta haka da ta fita daga ajin aikinta ya ƙara ƙarfi.

Daga nan sai batun waɗanda aka tambaya. "Yaya kika zaɓi mutum 40 ɗin?" tambaya ce madaidaiciya, kuma amsar da aka saba samu ita ce 'yan ɗakin kwananmu ne, ko 'yan sashenmu, ko waɗanda suka yarda su cike. Babu aibu a wannan ga aikin aji, matuƙar ba a kammala da cewa "ɗalibai" gaba ɗaya haka suke ba. Idan duka mata ne mazauna cikin makaranta, to sakamakon bai shafi magidancin da yake zuwa lakca daga cikin gari bayan ya rufe shagonsa ba. Za ki iya biyo ta da cewa: "A ganinki sakamakon zai canza idan aka tambayi masu zuwa daga gida?" Wannan tana gayyatar mai gabatarwa ta yi tunani a fili, kuma malamai sukan ba da maki mai kyau ga ɗalibin da ya iya faɗin iyakar aikinsa da bakinsa.

Mataki mafi wuya shi ne tsallakawa daga "suna tafiya tare" zuwa "wannan ne ya jawo wancan". Ko da tazarar ta tabbata, akwai wasu bayanai da za su iya haifar da ita. Mai yiwuwa ne faɗuwar ce ta zo da farko, damuwa ta hana ɗalibi barci, ya koma wa waya don ya rage dare. Mai yiwuwa ne kuma wani abu na uku ne yake jawo duka biyun, kamar ɗalibar da take sayar da kaya ta waya don ta biya kuɗin makaranta, wadda kasuwancin ne yake cinye mata dare kuma yake cinye mata lokacin karatu. A nan ba a so ki jera mata waɗannan a matsayin gyara. Ki tambaya: "Ban da wayar, akwai wani abu da kike ganin zai iya bayyana wannan bambanci?" ko kuma "Wane sakamako ne da kin samu da zai sa ki ce waya ba ita ce dalili ba?" Ta biyun nan tana da nauyi, don haka ki ajiye ta ga wanda kika ga yana tsaye da ƙafafunsa.

Ba kowa ne zai gabatar da binciken da ya yi da hannunsa ba. Da yawa cikin mutum 20 da suka rage za su kawo lambobi daga wasu wurare, kuma a nan tambayar tana canza kama. Mu da muka tashi muna jin malaman hadisi suna bin isnadi, wane ya ji daga wane, ba baƙon abu ba ne a gare mu a nemi sanin ta hannun wa magana ta biyo, kuma ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙaryata mai ruwaya. Tambayoyi biyu sun isa: "Wace hukuma ce ko wane mai bincike ne ya fitar da wannan lamba?" da "Ta wace shekara ce?" Ga misalin da za ki ci karo da shi ba da daɗewa ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai. Duk wata lamba ta yawan jama'ar ƙasar ko ta wata jiha da aka danganta ga shekarun baya-bayan nan hasashe ce da aka gina a kan lissafi, ba ƙirga ba. Don haka idan wani ya ce jihar kaza tana da mutum miliyan kaza, tambayar da ta dace ita ce: "Wannan daga ƙidayar 2006 ne, ko hasashe ne, kuma na wa?" Idan amsar ita ce "a intanet na gani", kada ki bi shi da wata tambayar. Aji ya riga ya ji, shi ma ya ji.

Duk waɗannan tambayoyi ana iya lalata su da yadda aka furta su. Wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, Liz Lerman, ta fito da wani tsarin sharhi a kan aikin fasaha a 1990, wanda daga baya malamai suka ɗauka zuwa azuzuwa, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne tambaya ta zama ba ta ɗauke da ra'ayin mai yin ta a ɓoye. "Me ya sa kika tambayi mutum 40 kacal?" hukunci ne da aka sa wa alamar tambaya, domin kalmar "kacal" ta riga ta gama magana. "Yaya kika tsayar da adadin waɗanda za ki tambaya?" tana neman bayani iri ɗaya ba tare da ta yanke komai ba. Kafin ki ɗaga hannu ki gwada tambayarki da abu biyu. Shin za ki iya nuna daidai wurin da ta shafa a cikin jawabin, kamar jadawali na biyu ko jumlar ƙarshe? Shin akwai amsar da idan aka ba ki za ki gamsu? Idan babu irin wannan amsa, to ra'ayi ne kike da shi, kuma ra'ayi yana da nasa lokacin, bayan an fita, ko bayan kin nemi izini da cewa kina da wata shawara idan ana so.

A aikace, ki riƙa raba takardarki gida uku yayin da ake gabatarwa: abin da aka yi da'awa, hujjar da aka kawo masa, da abin da ba ki gane ba. Inda kika ga da'awa babu komai a gabanta, nan tambayarki take. Ki zaɓi guda ɗaya tak, domin tambayoyi uku a jere ba sa barin mutum ya tuna ko ta farkon. Ki fara da ambaton wani abu takamaimai da ya fito sarai, ba yabon baki irin na "kin yi ƙoƙari" ba, misali cewa yadda ta bayyana tsarin takardar tambayoyinta ya sa kin bi ta ba wahala. Idan kika yi tambaya kika ga mutum ya daskare, kina da ikon sauke masa nauyin da cewa: "Ba sai yanzu ba, idan yana cikin takardunki na gani daga baya." Makinki ba zai ragu saboda wannan ba, tun da tambayar ta riga ta shiga kunnen malam.

Game da ƙawarki kuwa, kwana 10 sun isa, kuma ke ya kamata ki fara. Ki same ta ku biyu, ba ta saƙon waya ba, kuma ba ta bakin wadda ta kawo miki maganar ba. Ki ba ta haƙuri a kan abin da yake naki, wato cewar da kika yi bai shiga kanki ba a gaban mutane, da dariyar da ta biyo baya. Kada ki ce tambayar kanta kuskure ce, domin ba gaskiya ba ne, kuma ita ma za ta gane cewa lallashi ne. Ki gaya mata a fili cewa ba ki lura da matsalar ba sai a ajin, idan haka ne. Idan kuma kin lura tun a ɗaki kika yi shiru, to wannan ma yana cikin abin da za ki nemi afuwa a kansa. Kada ki kawo maganar lissafin waɗanda ba sa daɗewa a kan waya a wannan zama. Idan ta sauko, kuma idan akwai rubutaccen rahoto da za a miƙa a ƙarshen zango, sai ki yi mata tayin ku zauna da takardu 40 ɗin ku ƙirga rukunan biyu, aikin da ba zai wuce rabin awa ba kuma zai iya ɗaga makin rahotonta. Idan ba ta sauko nan take ba, ki ci gaba da gaisuwa da kyautatawa, ki bar mata lokaci.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinki ke kaɗai. Ki yi magana da wakilin ajinku ku je wurin malam da roƙo mai sauƙi, cikin ladabi, ba a matsayin ƙorafi ba: ya amince a rubuta tambayoyi biyar ko shida a allo waɗanda kowa zai san za a iya yi masa, kamar mece ce babbar da'awarka, me kake nufi da kalma kaza, mutum nawa cikin nawa, idan aka kwatanta da wa, daga ina kuma ta yaushe. Idan mai gabatarwa ya san su tun yana shiri, aikinsa zai fi kyau, tambaya kuma za ta daina zama kwanton ɓauna. Wata hanyar ita ce a riƙa rubuta tambayoyi a 'yar takarda da sunan mai tambaya, malam ya karɓa ya ba da maki, ya zaɓi biyu ya karanta da bakinsa, sauran a miƙa wa mai gabatarwa ya tafi da su. Idan malam bai karɓi ko ɗaya ba, har yanzu kina da zaɓi: ki riƙa yin tambayoyinki ga waɗanda ba ku da kusanci sosai, su kuma na kusa ki yi musu tambayoyinki tun kafin ranar.

Ba ki faɗa ba, amma ina jin kina tunanin ranar da za ki tsaya a gaban ajin, da yiwuwar a rama. Ki bi aikinki da waɗannan tambayoyi tun yanzu. Duk inda kika rubuta kaso cikin ɗari, ki sa adadin mutanen a gefensa. Duk lambar da kika aro, ki rubuta mai ita da shekararta a ƙarƙashinta. Ki ware minti ɗaya cikin goman ki faɗi da bakinki waɗanda bincikenki bai shafa ba. Idan aka yi miki tambayar da ba ki da amsarta, ki ce ba ki duba wannan ba, za ki duba, ki rubuta ta a gabansu. Kuma idan Allah ya sa kun shirya da ƙawarki kafin ranar, ki roƙe ta ta zauna a bakin gado ki gabatar mata da aikin tun daga farko har ƙarshe, agogo a hannunta, ta yi miki duk tambayar da ta ga dama kafin ku fita zuwa aji.